Rarrabe Saƙon Godiya na Zuci da na Inji: Nazari a kan Gajiyayyun Kalamai

A littafinsa Speech Acts (1969), John Searle ya nuna cewa godiya tana tsayuwa ne a kan wani aiki da mai sauraro ya riga ya yi, wanda ya amfani mai magana, shi kuwa mai maganar ya ji daɗinsa. Jin daɗin yana cikin zuciya, mai nazari ba ya ganinsa. Aikin kuwa ana iya nemansa a cikin matani, kuma a nan ne wannan muƙala ta kafa ma'auninta: saƙon da bai ambaci abin da aka yi ba, shi ne kunne yake ɗauka tamkar na inji, ko da mutum ne ya rubuta shi.

Ga misalin da aka tsara bisa salon da ɗalibai suka saba turo wa malamansu bayan kare kundi:

"Ina miƙa godiya marar adadi bisa gagarumar gudummawar da aka ba ni ba dare ba rana. Haƙiƙa ba ni da bakin godiya. Allah ya saka da alheri."

Gwajin farko shi ne na musanya. A ɗauki saƙon a tura wa mai duba kundin, sannan a tura wa wanda ya buga shi, sannan ga kawun da ya biya kuɗin makaranta. Duk ukun zai dace da su ba tare da an sauya ko harafi ba. Saƙon da ya dace da kowa, ba a rubuta shi domin kowa ba.

Nahawun Hausa yana tona wannan asiri da sauƙi, domin wakilin sunan mutum na biyu yana tilasta wa mai magana ya zaɓi "ka" ko "ki". Manhajar da take aika saƙo ɗaya ga dubban mutane ba ta san jinsin kowannensu ba, sai ta fake da "ku", ko ta rubuta "ka/ki", ko ta koma ga "an" da "aka". Haka ma marubucin misalin nan ya yi: ya ce "aka ba ni", sai mai aikin ya ɓace. Bayan haka ya naɗe aikin kansa a cikin suna, wato "gudummawa", wadda ba ta faɗi ko kuɗi ba ne, ko lokaci, ko shawara. Sai dai wannan alama tana da iyaka. Akwai "ku" na girmamawa, kuma mai alkunya yakan ce wa surukinsa "an gode" da zuciya ɗaya. Saboda haka ba a yanke hukunci da wakilin suna shi kaɗai, sai an ga ya haɗu da rashin ambaton aiki.

A wajen gyara ne ake yawan yin ɓarna, inda ake ɗauka duk kafaffen zance gajiyayye ne. A ra'ayin wannan marubuci, "Allah ya saka da alheri" ba ta cikin abin sharewa. Addu'a ce, aiki take yi, kuma Bahaushe yana jiran ta a ƙarshen godiya kamar yadda yake jiran amsar sallama. Cire ta sai ya sa saƙon ya yi kama da takardar ofis. Abin sharewa shi ne kalaman da suke auna girman godiya ba tare da sun nuna dalilinta ba: "marar adadi", "gagarumar", "ba dare ba rana". Ita kuwa "ba ni da bakin godiya" ta fi su rauni a rubuce, domin a baka rawar murya takan gaskata ta, a allon waya kuwa babu mai yi mata shaida.

Hanyar ita ce a tsaya a kan kowace gajiyayyar kalma a tambaye ta: me ya faru? "Ba dare ba rana" ta koma wani lokaci guda da za a iya tunawa, "gudummawa" ta koma aikatau mai ɗauke da wanda ya yi shi. Sakamakon zai iya zama haka:

"Malam, na gode. Da ba ka mayar mini da babi na uku sau biyu ka ce in sake tsara misalan tsarin sauti ba, da tambayar mai jarrabawa na waje ta kayar da ni jiya. Ban manta ba cewa a cikin hutu ka karanta shi. Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a."

Yanzu ba za a iya tura wa kawu wannan saƙo ba. Akwai mai aiki, akwai aikin, akwai kuma amfanin da ya haifar, har da ɗawainiyar da malamin ya ɗauka. Addu'ar nan da ta zama kamar hatimi a saƙon farko, a na biyu ta sami abin da take nuni gare shi. Dalili ɗaya ko biyu sun wadatar; idan aka jero biyar, saƙon ya fara kama da kirarin mai neman wata alfarma a gaba, malamin kuma zai soma jiran jimlar da za ta fara da "sai dai ina roƙon".