Man Shafawa Ba Magani Ba Ne: Yadda Za Ki Rubuta Tallar Kayanki

Aikina rubuta wa masu sayar da kayan gyaran jiki bayanin kayansu, kuma yawancin tallace-tallacen da ake kawo mini bayan Facebook ko Instagram sun ƙi karɓa, matsalarsu ɗaya ce: an ɗora wa man shafawa aikin likita.

Wata hajiya tana haɗa man kaɗe da man kwakwa, haɗi mai kyau ƙwarai. Amma ga abin da ta rubuta: "Kina fama da ƙyasbi, makero ko nankarwa? Ga magani, kwana bakwai kacal." Ƙyasbi da makero cututtuka ne da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, man kaɗe ba ya kashe su. Nankarwa kuwa tabo ce a can ƙasan fata, mai na iya tausasa wurin amma ba zai goge ta ba. Da zarar kin ce kayanki na warkar da cuta, kin fitar da su daga sahun kayan kwalliya kin kai su sahun magunguna, wanda rajistarsa a NAFDAC daban take. Ita ma tambayar "kina fama da" laifi ce, domin dokar tallar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ta hana nuna mai karatu da yatsa a kan lafiyar jikinsa.

Muka sake rubutawa: "Man kaɗe da man kwakwa, ba turare, gwangwani giram 250. Yana da kauri, yana narkewa a tafin hannu. A shafa bayan wanka tun jiki na da danshi, musamman a diddige da gwiwar hannu lokacin hunturu. Masu maiƙon fuska su tsaya a jiki kawai. A fara gwadawa a damtse kwana ɗaya." Duk abin da ke ciki mai saye za ta iya tabbatarwa da idonta da hannunta. Gargaɗin nan na masu maiƙon fuska ma, wanda hajiya ta so a cire don kada ya kori ciniki, ni a ganina shi ya fi komai sa a yarda da ita.

Inda na fi tsanantawa shi ne batun haske. Mata sun waye: man da ke canza launin fata cikin mako ɗaya, ana zarginsa da sinadaran bilicin masu sa fata ta yi laushin banza, jijiyoyi su fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Ko kayanki ba su da su, alkawarin "fari tas" zai jawo miki wannan zargi. Ki ce sabulun salo yana wanke datti da maiƙo, dilka tana cire matacciyar fata jiki ya yi santsi. In kina da lambar NAFDAC, ki sa ta tare da ranar da kayan za su lalace. Wadda kuma ta turo miki hoton kuraje masu ruwa, ki tura ta wurin likitan fata.