Yadda Ake Tsara Jadawalin Biyan Rancen Banki da Shigar da Shi a Littafi

A ce wata ƙungiyar masu casar shinkafa a Kiyako ta karɓi rancen naira 1,000,000 daga wani banki a Birnin Kudu domin sayen inji. Kuɗin ruwa kashi 24 cikin 100 ne a shekara, a kan abin da ya rage na bashi. Za a biya sau huɗu, duk bayan wata uku, kuma adadin ba ya sauyawa. Aikin ma'aji shi ne ya raba kowane biya gida biyu: kuɗin ruwa da uwar kuɗi.

Mataki na farko: ruwan zango ɗaya. Tunda zango huɗu ne a shekara, sai a raba 24 gida huɗu. Kowane zango kashi 6 ke nan. Wanda ya yi lissafi da 24 a nan, jadawalinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Mataki na biyu: adadin biya. A manhajar Excel sai a rubuta:

```
=PMT(6%,4,-1000000)
```

Za ta ba da 288,591.49. Sai a yar da kwabbai, a riƙe naira 288,591.

Mataki na uku: cika jadawali. A kowane layi, a fitar da kashi 6 na bashin da ke ƙasa, shi ne ruwa. A cire shi daga biyan, abin da ya saura shi ne ya tafi ga uwar kuɗi. Sannan a rage wannan daga bashin, a sauko da ragowar layi na gaba.

| Zango | Bashi a farko | Biya | Ruwa | Uwar kuɗi | Saura |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 1,000,000 | 288,591 | 60,000 | 228,591 | 771,409 |
| 2 | 771,409 | 288,591 | 46,285 | 242,306 | 529,103 |
| 3 | 529,103 | 288,591 | 31,746 | 256,845 | 272,258 |
| 4 | 272,258 | 288,593 | 16,335 | 272,258 | 0 |

Ruwa ya faro daga 60,000 ya sauko 16,335, domin bashin da ake lissafa shi a kai yana ta raguwa. Gurbin da ya bari kuwa uwar kuɗi ce ke cike shi. Naira biyu da suka ƙaru a biyan ƙarshe, kwabban nan ne da aka yi ta zubarwa.

Mataki na huɗu: shigarwa a littafi. Kowace shigarwa tana da hagu, wato debit, da dama, wato kiredit, kuma dole su zo daidai. Ranar da kuɗi suka shigo, a rubuta 1,000,000 a hagun asusun banki, 1,000,000 a daman asusun rance. Rance ba ciniki ba ne, kada a haɗa shi da kuɗin shiga.

Ranar biyan farko kuwa layi uku ne:

- Hagu: asusun kuɗin ruwa, 60,000
- Hagu: asusun rance, 228,591
- Dama: asusun banki, 288,591

Sauran zangunan ma haka, sai dai a kwafo adadin kowanne daga layinsa. Inda ma'aji kan yi tuntuɓe shi ne ya zuba 288,591 ɗin gaba ɗaya cikin kuɗaɗen da aka kashe. Sai riba ta ƙanƙance a takarda, bashi kuma ya tsaya a miliyan ɗaya alhali ana ta biya.

Mataki na biyar: rufe shekara. In an karɓi rancen ranar 1 ga Nuwamba, biyan farko sai ƙarshen Janairu, amma a ranar 31 ga Disamba ruwan wata biyu ya riga ya hau wuya. Kashi biyu cikin uku na 60,000, wato 40,000. A sa shi a hagun asusun kuɗin ruwa, da daman asusun ruwan da ba a biya ba tukuna. Ranar biya sai a goge 40,000 ɗin ta hagu, 20,000 kaɗai za a ɗora wa sabuwar shekara.

Mataki na shida: tantancewa. Jimillar uwar kuɗi ta zama 1,000,000 cif, saura ya ƙare a sifili. Ruwa gaba ɗaya 154,366 ne, abin da aka biya kuma 1,154,366. In takardar banki ta nuna ruwa 240,000, to a kan miliyan ɗin cur aka yi lissafin shekara duka, ba a kan ragowa ba, kuma bambancin naira 85,634 ne. Shi ya sa kafin a sa hannu ake tambayar jami'in banki: ranka ya daɗe, ruwan nan a kan ragowa yake, ko a kan uwar kuɗi duka? A kuma nemi nasu jadawalin a rubuce, a gwada shi da na ƙungiya layi bayan layi.