Tambayar kewayawar kabon: amsa daga gonakin Bagwai

Duk lokacin da na zauna duba takardun jarrabawar ɗaliban shekarar farko, wuri ɗaya nake ganin suna zubar da maki. Ɗalibi ya zana itace da saniya da hayaƙi, ya haɗa su da kibiyoyi, amma bai bambance inda kabon yake zaune da hanyar da yake bi ba.

Ma'auni ne ke raba su. Ma'adana, inda kabon yake zaune, da tan ake auna ta. Kwarara kuwa da tan a shekara. Teku na riƙe da kimanin tan biliyan 38,000 na kabon, iska kusan biliyan 880, tsirrai wajen biliyan 450. Ƙasar noma da ta daji ta fi iska da tsirrai a haɗe, abin da ɗalibai kan manta ke nan.

Ɗauki gonar dawa a Bagwai. Da damina ganye na zuƙar CO2 da taimakon hasken rana, ya mai da shi kara da zangarniya da saiwa. Wannan kwarara ce daga iska zuwa tsiro. Bayan girbi mutane su ci hatsi, dabbobi su ci harawa da karan, numfashinsu ya mayar da wani kaso sama. Takin da aka kai gona da jaki ko amalanke ya ruɓe, wani ɓangare ya zauna cikin ƙasa. Ko karan da aka hura wuta da shi, kabon da ya saki na daminar bana ne, dawar baɗi za ta sake zuƙarsa.

Yanzu gangara wajen masu noman rani a madatsar Watari. Kowace lita ta fetur da injin ban-ruwa ya sha tana fitar da kimanin kilo 2.3 na CO2, kabon da ya shafe miliyoyin shekaru a binne. Ba wata shukar bana da ta zuƙo shi daga iska, don haka ƙari ne. Haka gawon da aka sare aka yi gawayi ba a dasa wani ba: ma'adana ce ta ragu.

A nan amsa mai kyau ke fita daban. Tsirran doron ƙasa na zuƙar kimanin tan biliyan 120 a shekara, ƙona fetur da kwal da gas kuwa na sakin biliyan 10 kacal. To me ya sa ƙaramin ya zama matsala? Domin numfashi da ruɓewa da gobarar daji na mayar da kusan duk 120 ɗin, shi kuwa 10 ba shi da abokin komawa. Teku da tsirrai na shanye kusan rabinsa, saura ya taru. Shi ya sa CO2 ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yau.

In ka zo zane, sa ma'adana a akwati, kwarara a kibiya, ka rubuta "a shekara" jikin kowace kibiya. Ka kuma faɗi ko tan na kabon kake nufi ko na CO2, don tan ɗaya na kabon daidai yake da tan 3.67 na CO2.