Giɓin Asusun Yau da Kullum da Shigowar Jari: Nazarin Ƙa'idar Daidaito a Lissafin Hada-hadar Ƙasa da Ƙetare

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙa'idar da ke cewa duk giɓin da ƙasa ta samu a asusunta na yau da kullum, dole ne ya yi daidai da jarin da ya shigo mata daga ƙetare. An nuna cewa tilascin ya samo asali ne daga yadda ake rubuta lissafin, sannan an gwada ƙa'idar da halin da Nijeriya ta shiga a shekarun 2015 da 2016. Nazarin ya gano cewa ƙa'idar ba ta yi wa kowace ƙasa alkawarin samun mai ba ta bashi ba. Idan jari ya ƙi shigowa, giɓin ne ke tsukewa da ƙarfi, kuma jama'a ne ke ɗaukar nauyin tsukewar.

1.0 Gabatarwa

Lissafin hada-hadar ƙasa da ƙetare kundi ne da ke tattara duk wata ma'amalar kuɗi da ta gudana tsakanin mazauna wata ƙasa da mazauna sauran ƙasashe a cikin wani ƙayyadadden lokaci, galibi wata uku ko shekara guda. A Nijeriya, Babban Bankin ƙasa ne ke haɗa shi, bisa tsarin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya shimfiɗa. Ana yawan jin masu sharhi na cewa wai lissafin "bai daidaita ba", alhali a bisa gininsa ba ya taɓa rashin daidaita. Sassansa ne ke samun giɓi ko rara. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace dalilin hakan da kuma iyakar abin da za a iya fahimta daga gare shi.

2.0 Sassan Lissafin

Sashe na farko shi ne asusun yau da kullum. A cikinsa ake rubuta cinikin kayayyaki, kamar ɗanyen man da aka fitar da injinan da aka shigo da su, da cinikin hidimomi, kamar jigilar jiragen ruwa da kuɗin karatu ko na magani a waje. A nan ne kuma ake sanya ribar da kamfanonin ƙetare ke samu da kuɗin ruwan basussuka, tare da kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aiko wa danginsu.

Sashe na biyu shi ne asusun jari. A wannan maƙala an yi amfani da sunan ne da faffaɗar ma'anarsa, wato duk wani canji a kadarorin da mazauna ƙasa suka mallaka a waje, da kuma haƙƙoƙin da baƙi ke bin su. Ya ƙunshi jarin kai tsaye, kamar gina masana'anta, da sayen hannun jari ko takardun lamuni, da rancen bankuna, da ajiyar kuɗaɗen waje ta Babban Banki. Akwai wani ƙaramin asusu na daban da ke ɗauke da abubuwa irin su yafe bashi, amma an haɗe shi da wannan sashe domin sauƙin bayani. Da haka ƙa'idar ta zama:

asusun yau da kullum + asusun jari = 0

3.0 Tushen Tilascin

Kowace ma'amala ana rubuta ta ne sau biyu: sau ɗaya domin abin da aka karɓa, sau ɗaya domin abin da aka bayar a madadinsa. A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kano ya sayo yadi na dala 100,000 daga ƙasar Sin. Shigowar yadin ta rage dala 100,000 a asusun yau da kullum. Saura a ga yadda aka biya.

Idan mai masaƙar ya ba shi kayan bashi na wata shida, to bashin da baƙi ke bin Nijeriya ya ƙaru da dala 100,000. Idan bankinsa ya biya daga dalolin da yake ajiye da su a wani banki a waje, kadarar da Nijeriya ke da ita a ƙetare ta ragu da adadin. Idan kuwa daga Babban Banki aka sayi dalar, ajiyar ƙasa ce ta ragu. A duka hanyoyin uku an samu rubutu na biyu a asusun jari wanda ya yi daidai da na farko. Hanya ɗaya ce ke kauce wa asusun jari, wato idan aka biya da abin da shi ma yana cikin asusun yau da kullum, kamar riɗi ko fatar da aka fitar, ko kyautar da ɗan'uwa ya aiko. A wannan hali babu giɓi tun farko.

Daga nan za a ga cewa kalmar "shigowar jari" ta fi yadda ake zato faɗi. Ba lallai ne wani baƙo ya zo da sabon kuɗi ba. Ƙasar da ta sayar da abin da ta tara a waje, ita ma a lissafi jari ya shigo mata, kamar magidancin da ya sayar da gonarsa domin cefane. Giɓi yana nufin ƙasa ta ci fiye da abin da ta samu, kuma bambancin ko dai an ranto shi ko an ɗebo shi daga rumbu.

4.0 Misalin Lissafin Shekara

A ƙaddara wata ƙasa ta fitar da kayan dala biliyan 50, ta shigo da na biliyan 55. Ta kashe biliyan 15 a kan hidimomi fiye da abin da ta samu, ta biya biliyan 10 na riba da kuɗin ruwa, sannan 'ya'yanta na waje suka aiko da biliyan 20. Idan aka haɗa, giɓinta biliyan 10 ne.

A ɗaya ɓangaren, an rubuta jarin kai tsaye na biliyan 3, da sayen takardun lamuni na biliyan 1, da rance na biliyan 2, ajiyar Babban Banki kuma ta ragu da biliyan 3. Jimla biliyan 9. Biliyan ɗaya da ya rage ana sanya shi a layin kurakurai da tsallake. Wannan layi bai rushe ƙa'idar ba. Alƙaluman kaya daga hukumar kwastan suke fitowa, na kuɗi kuma daga bankuna, don haka ba sa haɗuwa daidai. Amma idan layin ya yi girma shekara da shekaru, kuma yana karkata gefe guda, alama ce ta fasa-ƙwauri, ko ƙaryar farashi a takardun kaya, ko fitar da kuɗi a ɓoye.

5.0 Nijeriya a 2015 da 2016

A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, amma zuwa farkon 2016 ta faɗo kusan dala 30. Da yake mai ne ke kawo mafi yawan kuɗin shigar Nijeriya daga ƙetare, asusun yau da kullum, wanda ya daɗe yana rara, ya faɗa giɓin kimanin dala biliyan 15 a 2015.

A daidai wannan lokaci masu sayen takardun lamuni na ƙetare suka fara janye jiki, kuma a Satumbar 2015 bankin JP Morgan ya sanar da cire Nijeriya daga ma'auninsa na takardun lamunin ƙasashe masu tasowa. Babban Banki ya riƙe farashin dala a kusan naira 197, yana sayar da ita daga ajiyarsa, wadda ta sauko daga kimanin dala biliyan 34 a ƙarshen 2014 zuwa ƙasa da biliyan 30 a ƙarshen 2015. Ke nan ajiya ta toshe wani yanki na giɓin, ragowar kuma ya fito daga sauran layukan asusun jari da na kurakurai.

Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa yana da ranar ƙarewa. Saboda haka hukuma ta koma ga rage giɓin kansa. A Yunin 2015 aka hana masu shigo da rukunin kayayyaki 41 sayen dala a kasuwar hukuma. Dala ta yi ƙaranci, farashinta a kasuwar bayan fage ya haura naira 300, masana'antu suka rasa kayan aiki. A Yunin 2016 aka sassauta farashin hukuma, dala ta koma kusan naira 280. A wannan shekarar tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kimanin kashi 1.6 cikin ɗari, asusun yau da kullum kuma ya dawo ƙaramar rara. Farashin mai bai farfaɗo ba a lokacin. Giɓin ya rufe ne domin an kasa sayen kaya da hidimomin waje kamar da.

6.0 Iyakokin Ƙa'idar

Na farko, ƙa'idar ba ta faɗi wanne ne ya haifar da wanne ba. A Nijeriya faɗuwar farashin mai ce ta buɗe giɓi, aka shiga neman abin cike shi. A wani wurin kuma jari ne ke fara kwararowa, ya ƙara wa kuɗin ƙasa daraja, ya sauƙaƙa rance, sai sayen kayan waje ya ƙaru, giɓi ya biyo baya. Haka ya faru a Tailan kafin rikicin 1997, inda giɓin ya kai kimanin kashi 8 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa. Da jarin ya juya baya, sai ga rara mai yawa a 1998 tare da durƙushewar tattalin arziki.

Na biyu, giɓi shi kaɗai ba hukunci ba ne. Asusun yau da kullum daidai yake da tanadin ƙasa bayan an cire jarin da ta zuba a cikin gida. Giɓin da ya samo asali daga sayen injinan da za su samar da kayan fitarwa yana iya biyan kansa, saɓanin wanda aka ci a cefane.

Na uku, nau'in jarin yana da tasiri. Wanda ya gina masana'antar siminti ba zai ɗauke ta a dare ɗaya ba, amma mai takardar lamunin wata uku yana iya ƙin sabunta ta. Haka kuma jarin bana shi ne ke haifar da riba da kuɗin ruwan da za a biya baɗi, waɗanda za su koma su faɗaɗa giɓin asusun yau da kullum.

7.0 Kammalawa

An ga cewa daidaiton giɓi da shigowar jari ya taso ne daga rubutu biyu da ake yi wa kowace ma'amala, kuma raguwar ajiyar Babban Banki na cikin abin da ake kira shigowar jari. Don haka mai nazarin lissafin wata ƙasa zai fi amfana idan ya duba abubuwa uku: layin da ya cike giɓin, tsawon wa'adin kuɗin, da abin da aka yi da shi. Idan ya tarar ajiya ce ke raguwa alhali an daskarar da farashin canji, kamar yadda aka gani a Nijeriya a 2015, to ya san gyara na tafe, ko ta faɗuwar darajar kuɗi ko ta ƙarancin kaya a kasuwa.