Wasiƙar da Na Rubuta wa Malamin Lissafi

Ina so in ba ku labarin wani maki biyar da na rasa, da yadda na nemi dalili.

A gwajin Lissafi na tsakiyar zango na sami 47, alhali 50 ake bukata. Ga shi ranar ziyara ta matso, mahaifina kuwa zai taso daga Kawo, kuma takardar gwaji yake fara dubawa kafin ya miƙo ƙunshin abinci. Da na duba sai na ga an soke mini tambaya ta huɗu. An ce a nemo girman filin da'ira wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta santimita 2 ne, wato r = 2, a ɗauki π a matsayin 22/7. Na sami 12.57. Abokina ma 12.57 ya samu, an ba shi maki biyar cif, ni ko ɗaya.

Raina ya ɓaci, har na yi niyyar tare Malam a gaban aji. Shugaban ɗakin kwananmu ya hana ni, ya ce in rubuta wasiƙa, domin Malam ya karanta a natse. Da Turanci na rubuta, na sa aji da kwanan wata a sama. Ga ma'anarta:

"Malam, bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon a taimake ni da bayani kan tambaya ta huɗu a gwajin da aka mayar mana jiya. Na yi aiki da 2 × 22/7 × 2, na sami 12.57 cm, aka soke. Na sake lissafin sau biyu ban gano inda na kuskure ba. Ina so in sani ko hanyar da na bi ce ba daidai ba, ko yadda na rubuta amsar, don kada in maimaita. Ga takardar na haɗo. Zan zo duk lokacin da Malam ya ga ya dace. Na gode. Ni ne ɗalibinka."

Ku lura, na faɗi lambar tambayar, na kuma kwafe aikina yadda yake, ban gyara kome ba. Ban ce a ƙara mini maki ba, dalili na nema. Ban kuma ambaci abokina ba, domin hakan tamkar zargin son kai ne.

Kashegari Malam ya kira ni ofis. Ya ce, "Yaro, me ka nema, filin da'ira ko kewayenta?" Na ce, "Filinta, Malam." Ya nuna mini cewa 2πr na bi, wadda ke auna tsawon layin da ya kewaye da'ira, kamar igiyar da za a zagaye bakin rijiya da ita. Filin kuwa πr² ne, kamar girman murfin rijiyar. Dalilin da amsata ta yi kama da ta gaskiya shi ne, 2 × r da r × r duka 4 suke bayarwa idan r = 2. Sa'a ce kawai.

Sai ya ce in gwada da r = 7. Da hanyata na sami 2 × 22/7 × 7 = 44. Da hanyar gaskiya kuwa 22/7 × 7 × 7 = 154. Nan jikina ya yi sanyi. Ya ƙara nuna mini cewa cm na rubuta, alhali fili da cm² ake auna shi. Da na kula da wannan tun farko, da na gane tsawo na lissafa.

Malam ya ce haka ake duba Lissafi a jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952. Akwai makin hanya, akwai makin amsa, kuma makin amsa yana rataye ne a kan hanya. Wanda ya bi hanya daidai ya yi kuskure wajen ninkawa zai tsira da wani abu. Wanda ya faɗa kan amsa ta karkatacciyar hanya ba shi da kome.

Ban sami makin nan ba, kuma bai kamata in samu ba. Ranar ziyara na miƙa wa Baba takardar tare da kwafin wasiƙar, na yi masa bayani da murfin rijiyar gidanmu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, 47 ɗin tana nan, amma gara da ka tambaya. Zango mai zuwa ina son ganin gyara."

Yanzu duk ƙa'idar da na yi shakka a kanta, sai in gwada ta da wata lamba dabam, in kuma duba ma'aunin amsar. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu sa'a, amin.