Idan harshenka ya bi na abokin hira

Wani Bakano da aiki ya kai Sakkwato ya aiko da damuwarsa. Ya ce da ya zauna hira da mutanen gari sai ya ji bakinsa yana cewa "biyat" maimakon "biyar", ko "hwaɗa min" maimakon "faɗa min", ba tare da ya yi niyya ba. Tsoronsa kada a ɗauka shaƙiyanci yake yi.

Malam, kwantar da hankalinka, kusan kowa haka yake. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar New York, Tanya Chartrand da John Bargh, sun zaunar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tare da wani baƙo suna bayanin hotuna. Baƙon ɗan cikin gida ne, an umarce shi ya riƙa shafa fuska ko kaɗa ƙafa. Ɗaliban da suka zauna da mai kaɗa ƙafa sun fi kaɗa tasu, na wajen mai shafa fuska kuma sun fi shafa fuska, kuma da aka tambaye su ba su san sun yi ba. Masanan suka kwatanta abin da halin hawainiya.

Dalili biyu ake bayarwa. Na farko, gani da aikatawa suna haɗe a ƙwaƙwalwa, ganin motsi kawai yakan ɗan shirya jiki ya yi irinsa, shi ya sa hamma take yaɗuwa a majalisa. Na biyu, son a saba. A wani gwajin na mutanen nan biyu, ɗaliban da baƙon ya kwaikwayi zamansu a hankali sun fi cewa ya kwanta musu a rai. Howard Giles, wanda ya yi nazarin karin harshe a Birtaniya a shekarun 1970, ya nuna har akasin haka: da wani mai Turancin Ingila ya raina harshen mutanen Wales a gabansu, sai suka ƙara kaurin karinsu na Wales. Wato harshe yakan matsa kusa da wanda ake son shiri da shi, ya ja baya daga wanda ya ɓata rai. Baƙo a gari, mai neman karɓuwa, shi ya fi kowa zamewa.

To me za ka yi? Ka raba abin gida biyu. Akwai abin da kunne ba ya kamawa, kamar saurin magana, ƙarfin murya, tsawon gaisuwa da yanayin zama. Wannan ka bar shi ya tafi yadda ya so, shi ke sa hira ta yi daɗi. Akwai kuma kalmomin da aka san mutanen wuri da su, waɗanda masu barkwanci ke ɗauka idan za su tsokane su, irin su "biyat" ɗin nan da "mi kaka so". Su za ka guje wa, aƙalla har ka saba da mutane, domin Basakkwace ya sha jin su a bakin masu zolaya. Alamar ka wuce gona da iri ba ta ɓuya: abokin hira zai ɗan tsaya, ya yi murmushin da bai kai zuci ba, ko ya koma yi maka Kananci da gangan. Idan ka ga haka, faɗi gaskiya a taƙaice: "Ka yi haƙuri, Malam, zama da ku ne ya sa bakina ya ɗauka." Galibi dariya za a yi.

Wuri biyu ne sai ka sa ido sosai. Gaban mai in'ina, domin ko sau ɗaya ka sarƙe kamar shi zai ji ciwo. Sai gaban manya. Idan suruki ko basarake ya miƙe ƙafa ya kishingiɗa, jikinka zai so ya bi, amma a wurinmu ladabi shi ne ka bambanta da shi, ka tanƙwashe ƙafa ka sassauta murya.

Wasu littattafan koyar da kasuwanci sukan ce ka kwaikwayi mai saye da gangan don ya amince da kai. Ni ban ba ka wannan shawara ba. Kwaikwayon da aka shirya yakan zo da sauri, ya yi daidai fiye da kima, kuma da zarar mutum ya gane sai ya fara zargin akwai wata a ƙasa. Inda abin ke da amfani na gaske shi ne lokacin rikici. Mai fushi yana ɗaga murya, taka ma za ta tashi ba ka sani ba, shi kuma ya ƙara. Tun da shi ma jikinsa yana bin naka, sai ka riga shi: ka zauna idan a tsaye kuke, ka rage sauri, ka sauke murya ƙasa da tasa, ka daure a haka na ɗan lokaci ko da bai sauko nan take ba.