Cin Wucewa a Wasan Ces: Ba Maguɗi Ba Ne



A makon jiya saura kaɗan mu ɓata da abokina a kan allon ces. Na ci sojansa, amma nawa bai sauka a gidan da nasa yake ba. Ya rantse maguɗi na yi, sai da malaminmu ya raba gardama. Sunan wannan ci "an fasan", kalmar Faransanci ce mai nufin "a wucewa".

Ga dalilin dokar. A da, soja gida ɗaya tak yake takawa, don haka wasa yakan daɗe bai yi zafi ba. Wajen ƙarni na 15 sai 'yan wasa a Turai suka yarda soja ya taka gida biyu a fitarsa ta farko. Nan matsala ta taso. Sojan da ya sha wahala ya kai layi na biyar yana gadin gidaje biyu da ke gabansa a karkace. Da taku biyu, sojan abokin wasa zai tsallake gidan da ake gadi ya sulale, wataƙila har ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya. Shi ya sa aka ce a ci shi kamar gida ɗaya ya taka. Italiya ba ta karɓi dokar ba sai a 1880.

Ɗauko allo ka gwada. Fari ya kai sojansa e4, Baƙi ya taka e6. Fari ya matsa e5. Baƙi ya ɗauki sojan d7 ya dire shi a d5, kafaɗa da kafaɗa da na Fari. Yanzu sojan e5 zai tafi a karkace zuwa d6, gidan da aka tsallake, a cire sojan d5 daga allo. Ana rubuta shi exd6.

Don gane damar, da zarar sojanka ya kai layi na 5 (na 4 in kai ne Baƙi), sa ido a kan sojojin dama da hagu da ba su motsa ba. In ɗaya ya yi taku biyu ya tsaya gefenka, dama ta samu. Amma nan take za ka ci. In ka taka wani abu, ta wuce ke nan. In kuwa sojan ya zo d6 tukuna, daga baya ya zo d5, babu cin wucewa. Kuma soja ne kaɗai ke yin sa.

Ba dole ba ne ka ci. A misalinmu Baƙi zai rama da sojan c7, an yi kunnen doki. Duba riba kafin ka miƙa hannu.

Tambayar mako: sojan Baƙi yana c4, Fari ya taka daga b2 zuwa b4. A wane gida Baƙi zai sauka? A kawo amsa ranar taron kulob.